Yadda ake girka masan zama mai tanki: tazarar bango, filanji, zoben kaki da daidaita zama

Wannan jagora ta shafi masan tangaran mai tanki wanda mafitarsa ke kallon ƙasa, irin wanda ake ɗorawa kai tsaye a kan bakin bututun da ya ɓullo daga daɓe. Wanda mafitarsa ke fita ta baya zuwa bango tsarinsa daban ne, da haɗin roba ake jona shi, ba ya amfani da zoben kaki.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa a ƙarƙashin masan. Akwai filanji, wato zoben roba mai tauri ko na ƙarfe da ake manne wa bakin bututu sannan a ɗaure shi da daɓe. Akwai dogayen notuna biyu da ke tsaye a jikin filanjin, su ne ke riƙe masan. Sai zoben kaki da ke cike tsakanin filanji da gindin masan. Wanda ya san halin kakin nan ya san rabin aikin: idan aka danne shi yana bajewa ya bi siffar wurin, amma ba ya sake tasowa. Da zarar masan ya motsa bayan an danne, ko an ɗaga shi don a gyara zamansa, kafa ta buɗe kuma ba za ta rufe kanta ba. Saboda haka duk awo da gyara da daidaitawa ana gama su ne tun kakin yana cikin kwalinsa.

Awo kafin a sayi komai

Tazarar da ta fi muhimmanci ita ce daga bangon baya zuwa tsakiyar bakin bututu. Yawancin masai irin wannan an ƙera su ne a kan inci 12, kimanin santimita 30.5. Akwai na inci 10 da na inci 14, waɗanda ake nema idan bututun ya matso bango ko ya yi nisa da shi.

Daga fuskar bangon da aka gama ake auna tazarar, wato bayan filasta da tayil. Idan akwai sikatin, wato siririn layin tayil ko katako da ake zagaya gindin bango da shi, ɗaga tef ɗin awo sama da shi ya taɓa bangon kansa, domin tankin da bango zai yi maƙwabtaka, ba da sikatin ba. Idan kuma ba a riga an sa tayil ba, sai ka cire kaurin tayil da na simintin da zai riƙe shi daga abin da ka auna. Nan ne mutane da yawa ke tafka asara: a auna daga bulo tsirara a samu 30.5 cif, a gama aiki a tarar saura 28, tanki ya ƙi shiga. Idan tsohon masai yana nan ba a cire ba, auna daga bango zuwa tsakiyar notunan da ke gefensa biyu, domin suna kan layi ɗaya da tsakiyar bututun.

Ta gefe, a bar aƙalla inci 15, kimanin santimita 38, daga tsakiyar bututu zuwa bango ko wurin wanke hannu ko duk abin da ke kusa, hagu da dama. Ta gaba, a bar aƙalla inci 21, kimanin santimita 53, daga leɓen masan zuwa abin da ke gabansa. Wasu ƙa'idojin gini suna neman inci 24. Waɗannan su ne mafi ƙaranci, kuma mai jiki zai ji matsi a cikinsu, don haka idan akwai fili a ƙara. Kada a manta da ƙofa: buɗe ta har ƙarshe ka tabbata ba za ta bugi gaban masan ba.

Tanki ba ya buƙatar jingina da bango. Idan awo ya yi daidai, yawanci akan samu 'yar tazara ta santimita ɗaya zuwa biyu da rabi a bayansa, kuma hakan shi ne daidai. Abin gudu shi ne tankin ya tokare bango har ya hana gindin masan sauka a kan filanji yadda ya kamata.

Filanji da tsayinsa

Kafin komai, cusa tsumma a bakin bututun. Yana tare warin da ke tasowa daga magudana, yana kuma hana noti ko gutsuren tayil faɗawa ciki. Tsumman ya zama babba yadda ba zai zurma ba, kuma ka ajiye a ranka cewa sai an cire shi kafin ɗora masan.

Bututun kan zama mai faɗin inci 3 ko 4, kuma filanjin da za ka saya dole ya dace da faɗin da kuma irin bututun. A jikin filanjin za ka ga dogayen tsagu biyu masu lanƙwasa inda kan noti ke shiga ya zame. Juya filanjin yadda notunan biyu za su tsaya ɗaya a hagu ɗaya a dama, kowanne nisansa da bangon baya iri ɗaya. Gwada wannan ba tare da gam ba, ka yi alama da fensir a kan tayil, domin gam ɗin bututun roba yana kamawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ba ya ba da damar juyawa daga baya. Ka kuma lura kada notin ya tsaya kusa da faffaɗan bakin tsagar inda aka zura shi, don nan ne yake suɓucewa idan aka fara ɗaurewa.

Wurin zaman filanji shi ne a kan daɓen da aka gama, leɓensa kwance a kan tayil, samansa ya ɗara daɓen da kimanin rubu'in inci, wato milimita 6. Dalili kuwa shi ne gindin masan yana da ɗan rami a kewayen mafitarsa, kuma an yi kaurin zoben kaki ne don ya cike tazarar da ke tsakanin wannan rami da filanjin da ke wannan tsayi. Idan filanjin ya nutse ƙasa da tayil, kakin ba zai samu matsi sosai ba, wani lokaci ma da kyar zai taɓa tangaran ɗin. Idan kuma ya yi tsayi fiye da kima, masan zai hau kan filanji maimakon ya zauna a daɓe, sai ya riƙa rawa, kuma duk wejin da aka cusa a ƙarƙashin gindinsa don tokare shi ba zai ba shi zama mai kyau ba. Maganin wannan shi ne a yanke bututun a sake zaunar da filanjin ƙasa.

Filanji kuma sai an ɗaure shi da daɓe. Gam ɗin da ya haɗa shi da bututu aikinsa hana yoyo ne kawai. Idan babu kusoshin da suka kama daɓe, duk nauyin mai zama da motsinsa a kan bututun zai ƙare. Huda tayil da bakin huda na tayil ba tare da kunna bugu ba don kada ya tsage, sai ka shiga siminti da bakin huda na kankare, ka sa filogin roba, ka ɗaure da sukurori marasa tsatsa ko na tagulla a duk ramukan da aka tanada. Na baƙin ƙarfe suna ruɓewa a wurin da damshi ba ya rabuwa da shi. Idan daɓen katako ne, soka shi da sukurdireba a kewayen bututun. In ya yi laushi to ya ruɓe, sai an canja wannan ɓangaren kafin a ci gaba.

In kuwa tsohon filanji za ka yi amfani da shi, kankare tsohon kakin tas da wuƙar fenti, ka goge, ka duba tsagun notuna da kyau. Nan ne yake karyewa idan an taɓa matse noti fiye da ƙima. Akwai zoben gyara na ƙarfe da ake ɗorawa a kan wanda ya karye a ɗaure shi da daɓe, ba sai an fasa bututu ba.

Misali: banɗakin da aka sake wa tayil

A ɗauki banɗakin da tazararsa ta asali santimita 30.5 ce, filanjinsa kuma ya ɗara tsohon daɓe da milimita 6. An zo an shimfiɗa sabon tayil a kan tsohon, ƙasa da bango, kaurin tayil da abin manna shi ya kai milimita 15.

A ƙasa, filanjin da ke sama da milimita 6 yanzu ya koma ƙasa da sabon daɓe da milimita 9. Za ka tabbatar da haka ta hanyar gitta miƙaƙƙen katako a kan tayil ta saman ramin, ka auna daga ƙasan katakon zuwa saman filanji. Gyaran da ya dace shi ne zoben ƙarin tsayi mai kaurin rabin inci, kusan milimita 13. Ana goge tsohon filanjin, a zagaya shi da silikon, a ɗora zoben, a ɗaure da dogayen sukurori da za su ratsa duka biyun su kama daɓe. Yanzu saman ya ɗara tayil da kimanin milimita 4, wanda ya wadatar. Notunan masai na yau da kullum, masu tsawon inci biyu da rubu'i, za su iya gazawa a nan, don haka a nemi masu inci uku da rabi.

Wasu sukan ɗora zoben kaki biyu a kan juna don cike irin wannan rami. Yakan yi aiki na wani lokaci, amma mu ba ma ba da shawararsa. Dogon tulin kaki ba shi da abin da ya tokare shi ta gefe, yana iya karkacewa ya shiga cikin bututu ya rage hanya, kuma ranar da magudana ta toshe aka sa abin zuƙa aka matsa, ta nan ruwa zai fara ɓullewa. Idan nutsewar kaɗan ce, filanji ya yi daidai da tayil ko ya gaza da milimita kaɗan, zobe ɗaya mai ƙarin kauri ya isa.

A bango kuma, tazarar ta ragu daga 30.5 zuwa 29. Masan inci 12 zai iya shiga idan ƙirarsa tana barin fiye da santimita ɗaya da rabi a bayan tanki, kuma takardar awon da ke zuwa da shi tana nuna wannan. Idan ba ya bari, sai a koma na inci 10, wato santimita 25.4, a yarda da cewa tazarar bayan tanki za ta ƙaru da kusan santimita uku da rabi. Akwai kuma filanji mai karkata da ke gusar da mazaunin masai da kimanin inci ɗaya da rabi, amma sai an fasa daɓe kafin a sa shi, kuma lanƙwasarsa kan sa ya fi saurin toshewa, don haka shi ne zaɓi na ƙarshe.

Gwajin zama ba tare da kaki ba

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, alhali shi ke raba aikin da zai daɗe da wanda za a dawo a kwance.

Zura notuna biyu a tsagunsu, ka juya kan kowanne ya gitta tsagar yadda ba zai fito ba. Sa washa da ƙaramin noti ka ɗaure kowanne da filanjin kansa, don su tsaya kyam ba sa faɗuwa lokacin da kake saukar da masan. Auna daga bango zuwa kowane noti. Idan ɗaya ya fi ɗaya ko da rabin santimita ne, masan zai zauna a karkace, kuma idon kowa zai gani a layin tayil.

Ɗauko kwanon masan shi kaɗai, ba tare da tanki ba, ka saukar da shi a kan notunan. Ɗora ma'aunin lebur a kan leɓensa daga hagu zuwa dama, sannan daga gaba zuwa baya. Dafa shi da hannu biyu ta kusurwa da kusurwa ka ji ko yana rawa. Duk inda ka ga haske tsakanin gindinsa da tayil, tura wejin roba a hankali har rawar ta tsaya, kumfar ma'aunin kuma ta zo tsakiya. Wejin katako ba ya yi, yana shan ruwa ya ruɓe, ƙarfe kuma yana tsatsa ya ɓata tayil. Yawanci weji biyu zuwa huɗu sun isa, kuma idan da zaɓi a sa su ta baya da gefe inda ido ba ya kaiwa.

Tsakanin abubuwan biyu, rashin rawa ya fi cikakken lebur muhimmanci. Masan da ya ɗan karkata da milimita biyu zai yi aikinsa lafiya, amma wanda ke motsi da milimita biyu a duk zama yana buɗe kakin kaɗan-kaɗan har ya fara yoyo. Daɓen banɗaki sau da yawa an yi masa gangare da gangan don ruwa ya tafi, saboda haka kada ka yi mamaki idan gefe ɗaya ya nemi weji mai kauri.

Tun yana zaune a haka, ɗora tankin a kai ka riƙe da hannu ka ga tazararsa da bango, ka kuma gwada murfin tankin, domin yakan fi tankin faɗi. Idan komai ya yi, manna wejin da tef a kan tayil don kada su gusa, ka zagaya gindin masan da fensir ko tef, sannan ka ɗaga shi ka kwantar a kan kwali.

Ɗora kaki da saukar da masan

Kakin ya kasance da ɗumin ɗaki, kimanin digiri 21. Idan ya yi sanyi ya taurare ba zai baje ba, sai a bar shi cikin ledarsa a ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna. Idan kuma ya sha rana ya yi lagwab, a ajiye shi a inuwa ya ɗan kama jiki.

Cire tsumman nan daga bututu. Ɗora zoben a tsakiyar filanji, ko ka manna shi a kewayen mafitar masan. Duka biyu suna yi, amma a kan filanji ya fi sauƙi domin ba zai faɗo ba yayin ɗauka. Wasu zobban suna zuwa da mazurarin roba a tsakiya, bakinsa ƙasa yake kallo, cikin bututu. Duba cewa mazurarin ya shige filanjin a sake. Idan ya tokare, yi amfani da zobe marar mazurari.

Tsaya ka raba ƙafa a kan wurin, ka kama kwanon ta kusa da inda murfin zama ke ɗaurewa, ka saukar da shi a miƙe, ramukansa biyu suna bin notunan. Ya fi kyau wani ya durƙusa a gefe yana faɗa maka inda notunan suke. Ya kamata ka ji kwanon ya tsaya a kan wani abu mai laushi kafin ya kai ƙasa. Idan ya sauka kai tsaye ya bugi tayil ba ka ji wata turjiya ba, kakin bai kai ba, filanjin ya yi ƙasa, sai a ɗaga a gyara tsayi.

Danna shi ƙasa da nauyin jikinka, daidai a ɓangarorin biyu, ko ka zauna a kai a hankali kana fuskantar bango, har gindin ya sauka a kan tayil da weji cikin alamar da ka zana. Kada ka jijjiga shi gaba da baya. Idan ka ga dole sai an ɗaga, to wannan kakin ya gama aiki, a kankare shi a sa sabo. Shi ya sa yake da kyau a sayi biyu tun farko.

A kan kowane noti ana fara sa farantin roba na murfi, sai washar ƙarfe, sai ƙaramin noti. Ɗaure da hannu tukuna, sannan da ƙaramar sifana, rabin juyi a hagu, rabin juyi a dama, kana duba lebur a tsakani. Ka tsaya da zarar kwanon ya daina motsi kuma notin ya yi tauri. Tangaran ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma tsagar gindi ba ta gyaruwa. Noti kuma ba shi ke jawo masai ƙasa ya matse kaki ba, nauyinka ne ya riga ya yi wannan. Wanda ya nemi ya kashe rawa da ƙarin matsi, ko dai ya fasa kwanon ko ya ɓalle leɓen filanji. Yanke abin da ya yi saura na dogon notin da ƙaramin zarton ƙarfe, ka sake taɓa ɗaurin domin yankan kan sassauta shi, sannan ka rufe da murfi.

Tanki, ruwa da gwaji

Sa babbar robar tsakiya a mafitar tanki, ka ɗora shi, ka zura notunansa da washar roba ta cikin tanki. Su ma bi da bi ake ɗaure su har tankin ya zauna daidai. Jona tiyon ruwa, bakin da ke shiga tanki da hannu ake ɗaure shi don robar ba ta son sifana. Buɗe ruwa a hankali, ka bar tankin ya cika zuwa layin da aka zana a cikinsa.

Kora ruwa sau biyar ko shida a jere. Bayan kowanne, zura busasshiyar takarda a ƙarƙashin gindin ta ko'ina, ka shafa ta kuma a ƙasan notunan tanki da bakin tiyo. Idan komai a bushe yake, yanke wejin da suka leƙo da wuƙa, ka zagaya gindin da silikon ta gaba da gefe biyu, ka bar tazarar kamar faɗin tafin hannu a baya. Silikon yana hana ruwan wanka da na goge-goge shiga ƙarƙashi, yana kuma ƙara wa masan zama. Kafar da aka bari a baya ita ce za ta fito da ruwa a gani idan kakin ya taɓa sakewa, maimakon ya taru a ɓoye yana cin daɓe. Wasu ƙa'idojin gini suna neman a zagaye duka, sai a bi na wurin da ake aiki. Kada a binne gindin da siminti: ranar da aka buƙaci cire masan, sai dai a fasa shi.

Gane inda matsala take

Ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashi a lokacin kora ruwa kawai, kakin ne. Ruwan da ke taruwa ko ba a kora ba yawanci daga sama yake gangarowa, daga tiyo, ko notunan tanki, ko gumin da tanki ke yi idan ruwan ciki ya fi iskar ɗakin sanyi. Don rabewa, goge ko'ina ya bushe, ka ɗiga launin abinci a cikin kwanon, ka kora. Idan launin ya ɓullo a gindi, daga kaki ne. Idan ruwa marar launi ya dawo, nemi tushensa a sama.

Wari ba tare da ruwa ba shi ma yana nuna kakin ya buɗe ta wani gefe, domin iska tana bi ta kafar da ruwa bai kai ba. Amma kafin ka kwance masai, zuba ruwa a magudanar daɓe da ta wurin wanke hannu, saboda tarkon ruwansu idan ya bushe irin warin yake kawowa.

Masan da ya fara rawa bayan wasu makonni, gwada notunan da hannu. Idan sun ɗan saki, ƙara musu rubu'in juyi ka sake duba weji. Idan noti yana juyawa ba ya kamawa, ko yana tasowa sama in ka ja shi, to ya fita daga tsagarsa ko leɓen filanji ya karye. A nan sai an rufe ruwa, a kwashe na tanki da na kwano da soso, a ɗaga masan, a sa zoben gyara, a sake gwajin zama da weji, sannan a ɗora sabon kaki.